Wasiƙun da James Meredith Ya Rubuta wa Jami'ar da Ta Ƙi Shi

Ranar 4 ga Fabrairun 1961, wani ɗalibi ɗan shekara 27 da ke zaune a birnin Jackson na jihar Mississippi a ƙasar Amurka ya karɓi telgiram daga Robert Ellis, magatakardan Jami'ar Mississippi. Saƙon gajere ne. An sanar da shi cewa jami'a ta dakatar da duba duk wata takardar neman shiga zango na biyu da ta iso bayan 25 ga Janairu, tasa kuwa bayan wannan rana ta iso, don haka kada ya wahalar da kansa ya zo rajista. Sunan ɗalibin James Meredith. Kwana huɗu kafin nan ya aika da takardunsa, kuma a cikin wasiƙar da ya haɗa da su ya faɗi abin da kowa a jihar ya san zai rufe masa ƙofa: shi baƙar fata ne. Tun da aka buɗe jami'ar a garin Oxford a 1848, ba a taɓa ɗaukar wani ɗalibi da aka san baƙar fata ne ba.

Duniya ta fi sanin ƙarshen labarin nan, wato daren da aka yi ta harbe-harbe a harabar jami'ar har shugaban ƙasa ya tura sojoji. Ni kuwa abin da ya fi riƙe min hankali shi ne watanni huɗun da suka gabaci zuwa kotu, lokacin da Meredith ba shi da komai a hannu sai takarda da kan sarki. A cikin waɗannan watanni ya yi ta rubuta wa jami'ar yana roƙon a sake duba takardunsa, kowace wasiƙa ɗauke da wata sabuwar shaida ko wata tambaya da ba ta da makaucewa, kuma ba a taɓa jin zagi ko barazana a ko ɗaya daga cikinsu ba.

An haifi Meredith ranar 25 ga Yunin 1933 a yankin Kosciusko, cikin gundumar Attala, a gidan manomi mai gonarsa ta kansa. Ya shiga rundunar sojan sama a 1951, ya yi shekara 9 yana aiki, har da zaman da ya yi a Japan. Duk inda aka kai shi sai ya nemi ajin karatu. Ya ɗauki kwasa-kwasai a ƙarƙashin Jami'ar Kansas da Jami'ar Washburn, sannan a Japan ya yi karatu da reshen Jami'ar Maryland da ke koyar da sojoji. Da ya bar aikin soja a 1960 ya dawo gida ya shiga Kwalejin Jackson, wadda gwamnatin jihar ta ware wa baƙaƙen fata. Washegarin ranar da aka rantsar da John Kennedy a matsayin shugaban ƙasa, wato 21 ga Janairun 1961, ya rubuta wa Jami'ar Mississippi yana neman fom. Aka aiko masa da fom tare da wasiƙar godiya da nuna farin ciki da sha'awarsa, domin ba su san ko wane ne ba.

Ya kamata a san irin ramin da ya tunkara. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A wannan shekarar Medgar Evers ya nemi shiga sashen koyon lauya na wannan jami'a, aka ƙi shi da hujjar cewa wasiƙun shaidarsa ba su cika ƙa'ida ba. A 1958 wani malami mai suna Clennon King ya je neman shiga, aka kama shi aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Clyde Kennard kuwa, tsohon soja kamar Meredith, ya yi ta neman shiga wata kwalejin jihar da ke Hattiesburg, yana rubuce-rubuce masu taushi da hankali. A 1960 aka ƙulla masa sharrin hannu a satar abincin kaji na dala 25, aka yanke masa shekara 7 a gidan yari. Lokacin da Meredith yake cika fom ɗinsa, hukuncin Kennard bai fi wata biyu da 'yan kwanaki ba. Ya san duk wannan. Evers, wanda a lokacin shi ne jami'in ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata a jihar, shi ya ba shi shawarar ya rubuta wa Thurgood Marshall, shugaban lauyoyin asusun shari'a na ƙungiyar, kuma daga ofishin Marshall aka ɗora lauya Constance Baker Motley a kan lamarin.

Wasiƙarsa ta 31 ga Janairu ita ce ta aza harsashin duk abin da ya biyo baya. Jami'ar tana da ƙa'idar da aka kafa a ƙarshen 1954, watanni kaɗan bayan wancan hukunci na Kotun Ƙoli: duk ɗan jihar da ke neman shiga sai ya kawo shaidar tsofaffin ɗaliban jami'ar aƙalla biyar, waɗanda suka san shi, su tabbatar da kyawun halinsa. Tsofaffin ɗaliban nan dukkansu fararen fata ne, kuma a Mississippi ta wancan zamani babu farar fatar da zai sa hannu a irin wannan takarda domin baƙi ya kwana lafiya. Meredith bai yi kamar bai ga ƙa'idar ba, bai kuma bar wurin a fom ɗin babu komai yana fatan ba za a lura ba. Ya rubuta cewa ba zai iya kawo sunayen tsofaffin ɗalibai ba, ya faɗi dalili, ya ce shi kansa bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Sannan ya ce a madadin haka ga takardun shaidar hali daga mutane biyar baƙaƙen fata 'yan jiharsa. Ya ƙara da cewa ya nemi makarantun da ya yi su aiko da sakamakon karatunsa, kuma yana fatan kyakkyawar tarbar da aka yi masa a wasiƙar farko ba za ta sauya ba don an san launinsa.

A ganina wannan shi ne babban hankalin da ya yi tun daga farko. Inda takardarsa ta fi rauni, nan ya fara sa yatsa da kansa. Mai neman a sake duba masa takarda yakan so ya ɓoye giɓin da ke cikinta, sai ya ba ma'aikacin ofis damar ya gano giɓin ya mai da shi dalilin ƙi. Meredith ya ƙwace wannan dama. Daga ranar, babu wanda zai iya cewa ya yi ha'inci ko ya yi sakaci da ƙa'ida. Abin da ya rage shi ne a amsa ko ita ƙa'idar adalci ce.

Sai ga telgiram ɗin 4 ga Fabrairu. A lura da yadda aka tsara shi: bai ce an ƙi Meredith ba, cewa ya yi takardarsa ta makara. Wanda zuciya ta ɗebe shi zai mayar da martani a kan wariyar launi, jami'a kuma ta amsa cewa ita ba ta ambaci launi ba, maganar kwanan wata ta yi. Meredith ya riƙe su a kan abin da suka faɗa da bakinsu. Ranar 20 ga Fabrairu ya rubuta wa Ellis cewa tunda matsalar ta zango na biyu ce, yana roƙon a ɗauki takardarsa a matsayin wadda take nan a buɗe domin zangon bazara da zai fara a watan Yuni. Idan makara ce laifin, to ga shi ya riga kowa, da fiye da wata uku. Ya kuma yi tambayoyi biyu masu sauƙi: shin sakamakon karatunsa daga sauran makarantun ya iso, kuma akwai wani sharaɗin da ya rage bai cika ba?

Amsar da ta zo ba ta taɓa waɗannan tambayoyi ba. An dawo masa da dala 10 da ya biya ta kamun ɗaki, da bayanin cewa tunda ba a karɓi takardarsa ba, ga kuɗinsa. Ranar 23 ga Fabrairu ya sake mayar musu da dala 10 ɗin, ya tuna musu cikin ladabi cewa ya riga ya nemi a duba takardarsa domin zangon bazara, don haka kuɗin ɗakin na wancan zango ne. Wannan ƙaramin abu yana da nauyi fiye da yadda ake gani. Da ya karɓi kuɗin ya sa a aljihu, da an iya cewa ya yarda an rufe maganar. Mayar da su ya sa fayil ɗinsa ya ci gaba da zama a buɗe, ko jami'a ta so ko ba ta so ba.

Daga nan jami'a ta yi gum. Makonni suka wuce babu amsa. Ranar 18 ga Maris ya sake rubutawa, ya nemi a ɗauki takardarsa domin zangon bazara da kuma zangon da zai fara a Satumba, don kada a sake cewa lokaci ya ƙure. Ya maimaita tambayoyinsa. Shiru.

Wasiƙar 26 ga Maris ita ce ta kawo sabuwar shaida a zahiri. Meredith ya samu littafin ƙa'idojin jami'ar ya karanta shi da kyau, sai ya gano wani giɓi da jami'ar ba ta ma ambata masa ba. Ƙa'idar ba shaidar kyawun hali kaɗai take nema ba. Tana son masu shaidar su faɗa a fili cewa suna ba da shawarar a ɗauki mutumin a jami'ar. Takardunsa biyar na farko sun yi maganar halinsa, amma ba su ƙunshi wannan jimla ba. Ya koma wurin mutanen nan biyar ya karɓo sababbin takardu da suka haɗa abubuwan biyu, ya aika da su. A wasiƙar kuma ya nemi a auna kwasa-kwasan da ya riga ya yi a gaya masa nawa jami'a za ta karɓa, abin da littafin ƙa'idojin ya nuna cewa aikin ofishin magatakarda ne.

Nan ne bambancin yake tsakanin sabuwar shaida da maimaita tsohon kuka. Mutane da yawa idan an ƙi su, sukan sake aika abin da suka aika a baya, su ƙara masa roƙo da labarin wahalarsu. Ofis ba ya da abin da zai yi da wannan, domin an riga an yanke hukunci a kan waɗannan takardun. Abin da ke tilasta a sake buɗe fayil shi ne takardar da ba ta cikinsa a da, wadda kuma ta dace da wata ƙa'ida rubutacciya ta ita makarantar. Meredith ya karanta dokar mutanen fiye da yadda suka zata zai karanta, ya gyara abin da ke hannunsa ya gyara, ya bar musu abin da ba shi da ikon gyarawa, wato launin tsofaffin ɗalibansu.

Wannan ma ba a amsa ba. Sai ranar 12 ga Afrilu ya haura mataki ɗaya sama, ya rubuta wa Arthur Lewis, shugaban tsangayar da yake neman shiga. Ita ce wasiƙar ɗaukaka kuka ta ainihi, kuma tsarinta ya cancanci a tsaya a kansa. Ya fara da jero abin da ya faru: lokacin da ya nemi shiga, abin da aka ce masa, wasiƙun da ya rubuta bayan haka, da cewa magatakarda bai amsa ba. Bai siffanta Ellis da mugunta ko ƙarya ba. Bayan ya gama jero abubuwan, sai ya faɗi abin da ya fahimta daga gare su: tunda ba a ba shi wani dalili ba, kuma ba a nuna masa wani sharaɗi da ya gaza cikawa ba, abin da ya rage masa ya ɗauka shi ne launin fatarsa ne ya sa aka ƙi motsa takardarsa. Sannan ya nemi abubuwa ƙayyadaddu: shugaban tsangaya ya duba lamarin tare da magatakarda, a gaya masa wane sharaɗi ne bai cika ba idan akwai, a kuma ba shi tabbacin cewa ba launinsa ne dalili ba.

Ina ganin ƙarfin wasiƙar nan yana cikin jinkirin da ya yi kafin ya furta zargin. Tun ranar telgiram ya san abin da ke faruwa. Duk Mississippi ta sani. Amma bai rubuta shi ba sai bayan fiye da wata biyu, lokacin da wasiƙunsa da shirun jami'a suka taru suka zama hujja. Kuma ko da ya furta, ya bar ƙofa a buɗe: ku nuna min ba haka ba ne. Roƙon nasa ya sa jami'ar a tsaka mai wuya. In ta faɗi sharaɗin da ya gaza, zai je ya cika shi, ko kuma a auna sharaɗin a ga ko na gaskiya ne. In ta ci gaba da shiru, shirun ya tabbatar da abin da ya faɗa.

Wani zai ce ai da ma wasiƙun nan don kotu aka shirya su, tunda yana da lauyoyi a bayansa. Gaskiya ne yana samun shawarar lauya, kuma ya san da wuya jami'ar ta sauko da kanta. Amma wannan bai rage musu daraja ba a wurina. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinsu, kuma kowace tambaya da ya yi tambaya ce da jami'a mai gaskiya za ta iya amsawa a rana ɗaya. Da sun amsa sun ɗauke shi, da maganar ta ƙare a nan. Wasiƙar da aka rubuta yadda wanda aka aika wa zai iya aiki da ita, shi ma wani na gefe da bai san kowa ba zai iya karantawa ya gane abin da ya faru, ba makirci ba ce.

Ranar 9 ga Mayu, kusan wata guda bayan wasiƙar, amsa ta zo daga Ellis. A karo na farko an taɓa ainihin takardunsa. Ya ce daga cikin kiredit 90 da Meredith ya gabatar, abin da jami'a za ta iya karɓa bai wuce 48 ba, idan ma an amince da ɗaukarsa, ya kuma tambaye shi ko har yanzu yana son a bar takardarsa a buɗe. Asarar kusan rabin karatun da mutum ya tara cikin shekaru ba ƙaramin abu ba ne, kuma da alama ana sa ran hakan zai sa ya janye. Meredith bai tsaya jayayya a kan lissafin ba. Ya amsa cewa e, a bar ta a buɗe. Ya ma wuce gaba ya yi tambaya a kan gidajen da ake ba ɗalibai masu iyali, domin yana da mata da ɗa. Jayayya a kan kiredit za ta iya cinye watanni, shi kuwa abin da yake nema shi ne shiga.

Kwana 6 bayan wasiƙar Ellis, ranar 15 ga Mayu, kwamitin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ya zauna ya amince da wata ƙa'ida: ba za a karɓi ɗalibi mai sauya makaranta ba sai daga makarantar da take mamba a ƙungiyar tantance manyan makarantu ta yankin. Kwalejin Jackson ba mamba ba ce a lokacin. Ranar 25 ga Mayu Ellis ya aiko da wasiƙar ƙi ta ƙarshe. Ya kawo dalilai biyu: makarantar da Meredith yake ba ta cikin waccan ƙungiya, kuma wasiƙun shaidarsa ba su wadatar ba. Ya ce bai ga buƙatar ambaton sauran naƙasu ba, an rufe fayil.

A zahiri Meredith ya faɗi. Wata huɗu na ladabi da haƙuri ba su sauya zuciyar kowa a Oxford ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Wasiƙar roƙo tana aiki ne inda aka yi kuskure, ko aka rasa wata takarda, ko aka yanke hukunci da rabin labari. Inda aka riga aka ƙudurta ƙin mutum saboda abin da yake, babu tsarin jimlar da zai buɗe ƙofar. Akwai kuma alamar da ake gane hakan da ita, wadda ta fito fili a wannan lamari: dalilin ƙin yana sauyawa duk lokacin da aka amsa shi. A Fabrairu makara ce. Da makara ta kau, aka yi shiru. Da shiru ya gagara, aka rage kiredit. Da ya yarda da ragin, aka kawo sabuwar ƙa'ida. Amma abin da wasiƙun suka cim ma shi ne sun tilasta wa jami'ar ta rubuta dalilanta da hannunta, da kwanan wata a kai. Ranar 31 ga Mayun 1961 Motley ta shigar da ƙara a kotun tarayya.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara. Alƙali Sidney Mize ya yi ta ɗage zama, har zangon bazara ya wuce, na Satumba ma ya wuce, sannan ya yanke hukunci sau biyu a kan Meredith, har ya ce ba a tabbatar jami'ar tana wariyar launi ba. Lauyoyin jiha sun nemo wasu sababbin dalilai. Sun ce ya yi rajistar zaɓe a gundumar Hinds alhali shi ɗan Attala ne, don haka maƙaryaci ne. Sun tono takardun asibitinsa na soja suna neman nuna shi mai tayar da fitina ne. Wani lauyan gwamnati ya bi mutanen da suka rubuta masa shaida har garinsu, wasu daga cikinsu suka janye. Mutum ya tuna halin da baƙin talaka yake ciki a ƙauyen Mississippi a 1961 idan jami'in gwamnati ya zo masa da takarda, kafin ya zarge su.

A kotun ɗaukaka ƙara ne wasiƙun suka yi aikinsu. A Janairun 1962 kotun ta ce sharaɗin shaidar tsofaffin ɗalibai ya saɓa wa tsarin mulki idan aka ɗora shi a kan baƙar fata, wato dai abin da Meredith ya nuna tun a wasiƙarsa ta farko. Sannan ranar 25 ga Yunin 1962, ranar da ya cika shekara 29, Alƙali John Minor Wisdom ya fitar da hukuncin da alƙalai biyu cikin uku suka amince da shi. Wisdom farar fata ne ɗan Kudu, daga New Orleans. Ya bi musayar wasiƙun ɗaya bayan ɗaya da kwanakinsu. Ya auna hujjar cunkoso da jami'ar ta ce ita ta sa aka yanke ranar 25 ga Janairu da yawan ɗalibanta, ya ga ba ta tsaya ba. Ya lura da lokacin da aka kafa ƙa'idar sauya makaranta, da kuma cewa Kwalejin Jackson da Jami'ar Mississippi hukumar gwamnati ɗaya ce ke kula da su, ga shi kuma Meredith yana da kiredit daga Maryland da Kansas da Washburn waɗanda babu mai musun matsayinsu. Ya yi watsi da zargin rajistar zaɓe a matsayin abin da ba shi da tushe. Hukuncinsa shi ne cewa tun daga lokacin da jami'ar ta san launin Meredith ta shiga wani shiri na jan ƙafa da tsangwama da ƙin motsi da gangan, kuma dole a ɗauke shi.

Babu alƙalin da zai iya tabbatar da jan ƙafa idan babu tarihin wanda ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da Meredith ya rubuta wasiƙa ɗaya mai zafi a Fabrairu ya tafi kotu, da jami'ar tana da amsa mai kama da gaskiya: ya makara, takardunsa kuma ba su cika ba. Tambayoyin nan da ya yi ta maimaitawa ba a amsa ba, da dala 10 da ya mayar, da takardu biyar da ya sabunta, su ne suka sa Wisdom ya iya nuna wa kowa abin da aka yi ba tare da ya dogara da zato ba.

Sauran labarin ya tafi da sauri da jini. Wani alƙali, Ben Cameron, ya dakatar da hukuncin har sau huɗu, sai ranar 10 ga Satumba Mai shari'a Hugo Black na Kotun Ƙoli ya soke dakatarwar. Gwamna Ross Barnett ya tsaya da kansa ya hana Meredith rajista ranar 20 da 25 ga Satumba, mataimakinsa Paul Johnson ya tare hanya ranar 26. Da yammacin Lahadi 30 ga Satumba jami'an tsaron tarayya suka shigar da shi harabar jami'a suka ajiye shi a ɗakin kwanan ɗalibai na Baxter. Daren nan gungun mutane, ɗalibai da waɗanda suka zo daga waje, suka far wa jami'an da ke kewaye da ginin Lyceum da duwatsu da kwalaben fetur da bindigogi. An kashe mutum biyu, Paul Guihard, ɗan jaridar Faransa, da Ray Gunter, wani mazaunin yankin. Fiye da jami'ai 160 suka ji rauni. Kennedy ya tura dubban sojoji kafin ƙura ta lafa.

Da safiyar Litinin 1 ga Oktoban 1962 aka raka Meredith cikin ginin Lyceum, hayaƙi mai sa hawaye bai gama bajewa ba. Robert Ellis, mutumin da ya aiko da telgiram ɗin ya kuma rufe fayil ɗin, shi ne ya yi masa rajista. Daga nan ya wuce ajinsa na farko, darasin tarihin Amurka.

Zaman da ya yi a jami'ar ba mai daɗi ba ne. Jami'an tsaro suna biye da shi dare da rana, ɗalibai suna tashi daga tebur idan ya zauna cin abinci, wasu suna hana shi barci da buge-buge a saman ɗakinsa. A Yunin 1963 aka harbe Medgar Evers a ƙofar gidansa, a Yuli kuma Clyde Kennard ya rasu da ciwon daji, watanni kaɗan bayan an sako shi. Ranar 18 ga Agustan 1963 Meredith ya karɓi digirinsa a fannin kimiyyar siyasa. A 1964 ya zo Nijeriya ya ci gaba da karatu a Jami'ar Ibadan, sannan ya koma Amurka ya kammala digirin lauya a Jami'ar Columbia a 1968.